Mai Farawa, Tsayayye da Mai Jiki Biyu: Yadda Masu Ilimin Taurari Ke Karanta Sauyi Tsakanin Ma'aurata

A ce miji ya dawo gida da yamma riƙe da takardar canjin wurin aiki, an ba shi wata biyu ya koma wani gari. Akwai matar da kafin ya gama karanta takardar ta fara lissafin motar da za ta kwashe kaya. Wata za ta yi shiru, ta dubi ɗakin da ta shekara tara tana gyarawa, ta ce sai ta yi tunani, tunanin kuwa ba na kwana ɗaya ba ne. Wata kuma za ta ce to, ta tambayi ranar tafiya, in gobe aka ce an fasa ta sake cewa to. Masu ilimin taurari suna da suna ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan halaye uku, kuma sun ce burujin da aka haifi mutum a cikinsa ne ke nuna wanda zai ɗauka. Abin da suka gina a kan wannan rabo shi nake so in warware, musamman abin da suke faɗa idan mutum biyu suka haɗu a gida ɗaya sauyi ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ni dai ban yarda cewa taurari ke rubuta halin mutum ba, kuma malaman addini da yawa sun yi hani da dogaro da su. Amma mutane suna karanta waɗannan bayanai, wasu har suna auna aurensu da su, don haka ya dace a san abin da tsarin ke cewa da gaske da kuma inda yake tsagewa.

Burujai goma sha biyu ne, kowanne yana ɗauke da daraja 30 daga cikin 360 na hanyar da rana ke bi a shekara. An raba su gida uku, huɗu-huɗu. Kashi na farko littattafan Larabci suna kiransa munƙalib, wato mai juyawa, masu rubutu na zamani kuma suna ɗaukarsa a matsayin mai farawa. Su ne Hamal (Rago), Saraɗan (Ƙaguwa), Mizan (Ma'auni) da Jadyu (Ɗan'akuya). Kashi na biyu sabit ne, tsayayye: Saur (Sa), Asad (Zaki), Aƙrab (Kunama) da Dalwu (Guga). Na uku shi ne zu jasadaini, mai jiki biyu: Jauza (Tagwaye), Sumbula (Zangarniya), Ƙaus (Baka) da Hutu (Kifi). Daga nan zan riƙa kiransu da ma'anarsu ta Hausa don sauƙi.

Gane kashin da mutum ya faɗa ba ya buƙatar jadawali. Ranaku huɗu ne ginshiƙai: wajen 21 ga Maris, 21 ga Yuni, 23 ga Satumba da 22 ga Disamba. Wata gudan da ke biye da kowace daga cikinsu na mai farawa ne, watan da ke binsa na tsayayye, na ukun na mai jiki biyu, sai kuma a sake. Wanda aka haifa 5 ga Afrilu yana cikin wata na farko bayan 21 ga Maris, shi Rago ne, mai farawa. Wanda aka haifa 10 ga Nuwamba yana cikin wata na biyu bayan 23 ga Satumba, shi Kunama ne, tsayayye.

Waɗannan ranaku huɗu su ne asalin maganar duka. A ƙasashen arewacin duniya masu lokuta huɗu a shekara, a nan ne yanayi ke juyawa: sau biyu dare da yini suna daidaita, sau ɗaya yini ya kai iyakar tsawonsa, sau ɗaya dare ya kai nasa. Baɗlimus, masanin Iskandariyya na ƙarni na biyu, ya bayyana dalilin sunayen a fili. Burujin da ke biye da juyin yanayi ana kiransa tsayayye domin a lokacinsa ne zafi ko sanyi ke kama jiki sosai, mutane sun saba da shi. Wanda ke binsa kuma yana tsakanin yanayi biyu, ƙafa ɗaya a mai wucewa, ɗaya a mai zuwa, shi ya sa aka ce jikinsa biyu. Sai aka ɗauki siffar watan aka liƙa wa mutumin. Watan da ke buɗe yanayi ya haifi mai buɗe al'amari, watan da yanayi ya kafu ya haifi kafaffe, watan da yanayi ke miƙa hannu ga na gaba ya haifi mai saurin sajewa. Kwatanci ne mai kyau, kuma ina ganin kyawunsa ne ya raya shi kusan shekara dubu biyu. Sai dai a tuna cewa a kudancin duniya lokutan a kife suke, kusa da tsakiyar duniya kuma babu waɗannan lokuta huɗu ma.

Akwai wani abu da masu karanta burujin ranar haihuwa ba su cika sani ba. Lokacin da Baɗlimus ya zo maganar halin mutum, burujin da Wata da tauraron nan Uɗaridu suke ciki ya duba. Ɗora komai a kan burujin da rana take ciki kaɗai al'ada ce da ta yaɗu ta shafukan jaridun Birtaniya daga shekarun 1930, domin ranar haihuwa kowa ya san tasa, ba sai an yi masa lissafi ba.

To me suke cewa game da sauyi? Mai farawa shi ne mai cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ba ya jiran sauyi ya same shi, shi ke kirawo shi, kuma ƙarfinsa yana farkon al'amari, yana raguwa idan abu ya zama na yau da gobe. Tsayayye shi ne mai cewa sannu ba ta hana zuwa. Yana jinkirin yarda, amma in ya yarda ba ya waiwaye, in ya ƙi kuma sai dai a haƙura. Mai jiki biyu shi ne mai cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ba shi ke buɗe ƙofa ba, ba shi ke tare ta ba, amma shi ya fi kowa saurin gano yadda za a zauna a sabon wuri. Idan aka haɗa waɗannan uku bibbiyu, gami shida ake samu: uku na masu hali ɗaya, uku na masu bambancin hali.

Mutum zai zaci masu hali ɗaya su ne za su fi jituwa. Tsarin ya ce akasin haka, kuma dalilinsa na lissafi ne. Tun da kowane kashi yana dawowa bayan burujai uku, burujai biyu na kashi ɗaya ko dai tazararsu daraja 90 ce, wanda ake kira tarbi'i, ko 180, wanda ake kira muƙabala, in ba buruji ɗaya ne su biyun suke ciki ba. Waɗannan kusurwoyi biyu su ne masu taurari ke ɗauka na gogayya da ja-in-ja. Kusurwoyin da suke ɗauka na daɗin zama, daraja 120 da 60, ba sa taɓa faɗawa tsakanin burujai masu kashi ɗaya. Saboda haka a wurinsu, mutum biyu da ke tunkarar sauyi ta hanya iri ɗaya suna neman kujera ɗaya ne a cikin gidan, kuma akwai kujeru biyu da babu kowa a kansu.

Masu farawa biyu, kamar Rago da Ƙaguwa, an ce ba sa tsoron sauyi ko kaɗan. Rigimarsu a kan wa zai ja gaba ce da kuma ina za a nufa. Shi yana so a tashi saboda aiki, ita tana so a tashi saboda kusantar dangi, kowa ya riga ya ɗauki mataki kafin ya faɗa wa ɗan'uwansa. Gidansu, in ji masu wannan ilimi, cike yake da ayyukan da aka soma. Masu jiki biyu su biyu kuwa, kamar Tagwaye da Kifi, faɗansu kaɗan ne amma hukuncinsu ma kaɗan ne. "Yadda ka gani." "A'a, ke dai yadda kika gani." Haka za a yi ta yi har wa'adin takardar ya cika, lokaci ya yanke musu abin da suka kasa yankewa.

Tsayayyu biyu kuwa, a ganina nan ne bayanin ya fi kama da abin da ake gani a wasu gidaje. An ce idan sauyi ya zo musu daga waje, rashin lafiya ko karayar arziki, babu gamin da ya kai su juriya. Suna kafa ƙafa tare, ba mai gudu. Matsala tana tasowa ne idan sauyin daga ciki ya fito, wato ɗaya ya yanke shawara ɗayan bai yanke ba. Zaki da Kunama ba sa jayayya da hayaniya mai tsawo. Kowa ya faɗi matsayinsa sau ɗaya, sai shiru ya biyo, ana gaisawa ana cin abinci, maganar tana nan kwance a tsakiyar ɗaki mako uku ba wanda ya taɓa ta. Kowanne yana jiran ɗayan ya gaji, alhali rashin gajiya shi ne abin da suka fi iyawa su biyun. Masu ba da shawara ta wannan hanya sukan ce kada a nemi tsayayye ya janye maganarsa, domin a wurinsa janyewa faɗuwa ce. A sake wa tambayar fasali ta yadda zai ce e ga sabon abu ba tare da ya ce ya yi kuskure a tsohon ba. Kuma sun ce alamar haɗari a wannan gami ita ce daɗewa a cikin abin da ya riga ya lalace, gida ko sana'a ko ma auren kansa, saboda babu mai son a ce shi ya fara motsawa.

Mai farawa da mai jiki biyu an ce tafiyarsu da sauri take. Ɗaya ya nuna hanya, ɗaya ya gyara kaya ya bi. Abin da suka rasa birki ne, don babu mai cewa a dakata a ga ko na baya ya kafu.

Tsayayye da mai jiki biyu kuwa gami ne da ke yaudarar ido. Daga waje gidan lafiya lau, ba a jin murya. Tsayayye yana jin ya sami mai fahimtarsa, mai jiki biyu yana jin ya sami bango abin jingina. Amma duk lokacin da aka sami saɓani, mutum ɗaya ne ke lanƙwasawa, kuma da yake lanƙwasawar ba ta yi masa wuya a ido, ba a lissafa ta a matsayin sadaukarwa. Masu taurari sun ce mai jiki biyu ba ya fashewa da faɗa. Zamewa yake yi a hankali, ya rage faɗin ra'ayinsa, ya nemi abin da zai ɗauke masa hankali a waje, har ranar da tsayayyen zai farga ya ce shi bai san akwai matsala ba. Kuma gaskiya yake faɗa, bai sani ba, domin kullum to ake ce masa. Wannan gargaɗi na ɗauke shi da muhimmanci ko da an cire taurari daga ciki, saboda gidan da ba a faɗa ba lallai ne gidan da aka yarda da juna ba.

Saura mai farawa da tsayayye, kuma shi zan bi daki-daki da misali, don a ga yadda mai wannan aiki ke yin lissafinsa. Mu ƙaddara mijin nan mai takardar canjin aiki shi ne haifaffen 5 ga Afrilu, matar kuma haifaffiyar 10 ga Nuwamba.

Wanda ya san aikin ba zai tsaya a rana ba. Zai nemi shekara da sa'a da garin haihuwar kowannensu, domin Wata yana canza buruji kusan duk kwana biyu da rabi, ɗali'i kuma, wato burujin da ke fitowa daga gabas a sa'ar haihuwa, yana canzawa kusan duk awa biyu. Kuskuren awa ɗaya a lokacin haihuwa yana iya mai da ɗali'in mutum daga tsayayye zuwa mai jiki biyu. Sai ya ƙara taurari biyu: Zuhura, wadda suke dangantawa da ƙauna, da Mirrihu, wanda suke dangantawa da zafin nama da faɗa. Wurare biyar ke nan ga kowa. Wasu suna ƙirga taurari duka, wasu suna ba rana da Wata da ɗali'i maki biyu-biyu. Babu ƙa'ida ɗaya da kowa ya yarda da ita.

Mu ce na mijin ya fito haka: rana a Rago, Wata a Ɗan'akuya, Mirrihu a Ƙaguwa, ɗali'i a Zaki, Zuhura a Kifi. Uku na farawa, ɗaya tsayayye, ɗaya mai jiki biyu. Na matar kuma: rana a Kunama, Wata a Sa, Mirrihu a Guga, ɗali'i a Zangarniya, Zuhura a Ma'auni. Uku tsayayyu, ɗaya mai jiki biyu, ɗaya na farawa. Hukuncin farko ya fito ke nan, shi mai farawa ne sosai, ita tsayayyiya ce sosai.

Mataki na gaba shi ne auna tazara, kuma nan ne ake gane cewa faɗin "mai farawa da tsayayye" kawai bai isa ba. Rago da Zaki ma mai farawa ne da tsayayye, amma tazararsu daraja 120 ce, kuma a wani rabon da ake yi wa burujai na wuta, ƙasa, iska da ruwa, dukansu na ɗabi'ar wuta ne, ana ɗaukarsu masu jituwa. Rago da Kunama kuwa tazararsu 150 ce, kusurwar da magabata suka ce burujan biyu ba sa ganin juna. Fassarar ita ce waɗannan mutum biyu ba ƙin juna suke ba, kowa dai ba ya gane dalilin ɗan'uwansa. Sai mai lissafin ya nemi inda suka haɗu, ya ga Watansa a Ɗan'akuya, nata a Sa, dukansu na ɗabi'ar ƙasa, tazara 120. Wata a wurinsu shi ne abin da ke kwantar wa mutum da hankali a gida. Zai ce to ga ƙofar shiga: su biyun abu na zahiri ke kwantar musu da rai, kuɗin da aka ƙirga, gidan da aka gani da ido, makarantar da aka tabbatar.

Daga nan sai ya zana yadda maganar za ta gudana. Mijin ya shigo da murna ya ce, "Maman yara, an ƙara mini girma. Na riga na yi magana da mai gidan haya a can." Ita abin da ta ji a cikin maganar shi ne "na riga". Ta ce, "To ai ka gama, Baban yara, me ya rage nawa?" Shi ya ɗauki wannan a matsayin rashin taya shi murna, sai ya ƙara matsa lamba, ya kawo hujja ta biyu da ta uku. Kowace sabuwar hujja tana ƙara kafe ta, domin tana jin ana turo ta ne. Bayan mako biyu zafin nasa ya fara sauka, don mai farawa ba ya jure dogon jira, har ya soma cewa ko a bar maganar. A daidai lokacin ne ita kuma ta gama nata tunanin a ɓoye, ta bincika makarantu, ta yanke cewa za a tafi. Yanzu ita ce ke cewa a tashi, shi ne ke jan ƙafa, kuma tana jin haushin ya tayar mata da hankali a kan abin da bai riƙe da gaske ba.

Wannan saɓanin lokaci shi ne zuciyar abin da tsarin ke faɗa a kan wannan gami. Ƙarfin ɗaya yana farko, na ɗayar yana tsakiya, sai su kasa haɗuwa a rana ɗaya. Shawarar da ake ba su ma ta lokaci ce. Shi ya kawo maganar tun tana tambaya, kafin ya kira kowa, ya faɗe ta sau ɗaya, su sa ranar da za a dawo kanta, ya kame bakinsa har ranar. Ita kuma ta bambance masa tsakanin "ban yarda ba" da "ban gama tunani ba", domin a kunnensa shirunta a'a ne. In suka wuce wannan gaɓa, an ce babu gamin da ya fi su kai abu ƙarshe: shi ya buɗe, ita ta riƙe. Wata shida bayan ƙaura, lokacin da idonsa ya fara hango wani gari, ita ce za ta ce nan muka zo, nan za mu zauna.

Labarin ya zauna daram, kuma na san da yawa za su ce wallahi gidanmu ne. Nan ne ya kamata a tsaya a gwada ƙasan da aka yi ginin a kai.

Lissafin da na yi amfani da shi na Yammacin duniya ne, wanda ke fara Rago daga ranar daidaituwar dare da yini ta Maris. Masu taurarin Indiya suna da wannan rabo na uku su ma, amma suna auna burujai daga taurarin da ke sama. Saboda layin da duniya ke juyawa a kai yana karkata a hankali, kusan daraja ɗaya duk shekara 72, lissafin biyu sun rabu da kusan daraja 24 a yau. Buruji daraja 30 ne, don haka kusan mutum huɗu cikin biyar suna komawa burujin baya idan aka canza lissafi, kuma burujin baya kullum na wani kashi ne daban. Mu gwada da ma'auratanmu. Ranar 5 ga Afrilu rana tana wajen daraja 15 na Rago. A cire 24, ta faɗa cikin Kifi, mijin ya zama mai jiki biyu. Ranar 10 ga Nuwamba tana wajen daraja 18 na Kunama. A cire 24, ta faɗa cikin Ma'auni, matar ta zama mai farawa. Mutanen nan ba su canza ba, takardar aikin ba ta canza ba, amma yanzu ita ce mai ja, shi ne mai bi. Mai lissafin Indiya zai ba da nasa labarin, kuma zai zauna daram kamar na farko.

Dalilin da ya sa duka biyun ke zama daram ba ɓoyayye ba ne. Da wurare biyar ga kowane mutum, da wuya a rasa kowane kashi a jikinsa. In mijin ya nuna taurin kai, ga ɗali'insa a Zaki. In ya sassauta, ga Zuhurarsa a Kifi. Duk abin da ya yi akwai inda za a rataya shi, kuma bayanin da babu halin da zai ƙaryata shi ba ya iya faɗa maka abin da zai faru gobe. Ga kuma halin ɗan'adam na ganin kansa a cikin kowace siffa mai faɗi. A 1948 wani malamin ilimin halayya, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardar bayanin hali, kowa yana zaton tasa ce shi kaɗai, alhali rubutu ɗaya ne aka raba musu. Da aka ce su ba ta maki, matsakaicin ya haura huɗu cikin biyar.

An kuma gwada maganar aure kai tsaye. A 2007 David Voas na Jami'ar Manchester ya ɗauki bayanan ƙidayar Ingila da Wales ta 2001, ma'aurata kusan miliyan goma, ya duba ko wasu burujai sun fi auren juna fiye da yadda dace kawai zai kawo. Da irin wannan yawa, ko ɗan ƙaramin tasiri ne zai fito fili. Bai sami komai ba. Gaskiya ne burujin rana kaɗai ya auna, masu ilimin kuma za su ce ai ba rana kaɗai ake dubawa ba. Amma hukuncin da yawancin mutane ke yanke wa junansu, wai ni Kunama ce shi Rago ne, a kan ranar kaɗai yake tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da lakabin ke yi wa mutum bayan ya karɓe shi. Wanda aka gaya wa shi tsayayye ne ya sami izinin ƙin motsawa, in an yi magana ya ce haka aka halicce shi. Wadda aka gaya wa ita mai jiki biyu ce, an ɗora mata aikin haƙuri na dindindin, in ta ce ta gaji a ce ta saɓa wa ɗabi'arta. Kuma mutum ɗaya ba hali ɗaya yake nunawa a kowane fage ba. Mijin da ke canza sana'a ba tare da ya yi barci a kai ba, shi ne wanda ba za ka iya sa shi ya canza gefen gadon da yake kwana ba. Matar da ta shekara tana nazarin ƙaura, ita ce ta yanke shawarar kai yaro asibiti cikin minti ɗaya da tsakar dare. In ma'auratan misalinmu suna so su san wa ke farawa, wa ke riƙewa, wa ke lanƙwasawa a gidansu, su zauna su lissafo manyan sauye-sauye uku na ƙarshe da suka same su, haihuwa ko ƙaura ko rasa aiki, su tambayi juna a kan kowanne: wa ya fara kawo maganar, kwana nawa ɗayan ya ɗauka kafin ya amsa, kuma wa ya bar wani abu nasa don a wuce wurin. In suna ɗaya ne ya fito sau uku a tambaya ta ƙarshe, da shi za a fara magana kafin a taɓa takardar canjin aikin.